Ki sa wa 'yan wasanki kaya a hoto kafin tela ya taɓa almakashi

Malama, idan ke aka ɗora wa kayan wasan kwaikwayo na ƙarshen zango, kada ki fara da kasuwa. Ki fara da wayarki. Za ki ɗauki hoton kowane ɗan wasa, ki sa masa riga da rawani a cikin hoton, ki ga abin da ya zauna da wanda bai zauna ba, sannan ki je wa tela da takarda a hannu. Sharaɗin ɗaya ne: dole hoton ya kasance da ma'auni, yadda tela zai ɗora rula a kai ya fitar da inci. In babu wannan, ado kawai kika yi.

Mu ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo. Labarin ya faru ne kafin zuwan Turawa, ya taso daga Kagara ya bi ta Kano ya ƙetare hamada, don haka akwai mutanen fada, da Larabawa fatake, da bayi, da almajirai. Kowa da irin shigarsa.

1. Gobe da safe, hotuna

Ki nemi bango mai launi ɗaya, a inuwa mai haske. Ki ja layi da alli inda yaro zai tsaya, ki ja wani kamar taku biyar daga nan, inda ke za ki tsaya. Kowa a kan layin nan za a ɗauke shi, babu mai matsowa, babu mai ja da baya.

Ki riƙe wayar daidai cibiyar yaron, a miƙe. In kika ɗauka daga tsayin idonki kina duban ƙasa, kai zai yi girma, ƙafafu su gajarce, rigar da kika auna a hoton kuma ta fito a ɗage. Kada ki taɓa 0.5x, yana lanƙwasa gefen hoto. In wayarki tana da 2x, ki ƙara ja da baya ki yi amfani da shi.

Ga abin da mutane ke mantawa: sanda. Ki yanke sanda mai tsawon yadi ɗaya cif, wato inci 36, a tsayar da ita kusa da ƙafar yaron, a kan layin allin. Ba a jingine da bango can baya ba, don abin da ya fi nisa da kamara yakan fito ƙarami.

Hoto biyu ya ishi kowa: ɗaya hannuwa a sake, ɗaya a buɗe kamar zai yi fiffike. Na biyun shi ne na babbar riga.

Kafin duk wannan, ki nemi izinin shugaban makaranta, a kuma sanar da iyaye. 'Yan mata ke za ki ɗauke su, cikin kayan makarantarsu da hijabinsu. Hotunan ba na turawa zauren WhatsApp ba ne, kuma in wasa ya wuce ki goge su.

2. Tattaro tufafin zamanin

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kwaɓa. Shadda mai ƙyalli, da leshi, da hula zanna bukar, da aikin keke a wuyan riga, duk na bayan zamanin labarin ne. Tufafin wancan lokaci yawanci saƙar hannu ne, ƙyallaye marasa faɗi da ake haɗawa da allura. Akwai fari. Akwai saƙi, mai shuɗi da ɗigon fari irin na jikin zabo, wanda Heinrich Barth ya gani ya kuma bayyana a tafiyarsa da ta kawo shi Kano a 1851. Akwai tsamiya mai ruwan ƙasa-ƙasa, da barage mai ratsin jan alharini, da kore da turkuɗi na rinin shuni da aka buga har suka yi sheƙi, waɗanda garin Kura ya shahara da su. Aikin babbar riga kuwa na hannu ne, aska biyu ko aska takwas, a aljihun ƙirji na ɓangaren hagu.

Ina za ki samu hotunansu? In kina Kano, Gidan Makama na nan, marinar Ƙofar Mata na nan. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 ma abin dubawa ne, in kin same shi. Amma ni na fi son akwatin tsofaffi. Rigar kakan wani ɗalibi da aka shimfiɗa a tabarma, aka buɗe hannuwanta, aka ɗauke ta daga sama a miƙe, ta fi hoton intanet sau goma, domin ita za a iya aro ta a sa ranar wasa. Ki ajiye sandar nan taki a gefenta ita ma.

Ki yi hattara da tsofaffin hotunan Turawa. Sarakuna da hakimai suka fi ɗauka, cikin kayan hawa. In kika bi su ido rufe, kowa a dandalinki zai fito da alkyabba, har mai kiwon raƙuma.

3. Ɗora kaya

Duk manhajar da ke da Layer za ta yi: ibisPaint X ko PicsArt a waya, GIMP a kwamfuta, ko Photopea da ake buɗewa a burauza. Hoton yaro a ƙasa. Wando a nasa Layer, taguwa a nata, babbar riga a nata, rawani a can sama. Ki goge bayan kowace tufa da Eraser, ki ajiye ta a matsayin PNG don bayan ya zauna wayam, ki iya sake ɗora ta a kan wani yaron.

Wajen daidaita riga, ki rage Opacity zuwa rabi don ki riƙa hango jikin yaron ta cikinta. Ki haɗa wuya da wuya, kafaɗa da kafaɗa, sannan ki mayar da shi cikakke. In za ki ƙara girman riga, ki ja ta daga kusurwa. Jan gefe ɗaya yana miƙar da aiki, zagayen da ke cikinsa ya koma kamar ƙwai, to da kin ga haka kin san kin ɓata ma'auni. Idan rigar aro ce, ki yi ta rage ta har sandar da ke hotonta ta yi daidai da sandar da ke hoton yaron. Nan take za ki ga gaskiya: rigar kaka tana jan ƙasa da inci takwas, sai an naɗe ta ta ciki.

Kina son gwada launi? Ki buɗe sabon Layer a kan farar riga, ki shafa shuɗi, ki sauya yanayinsa zuwa Multiply. Launin zai hau, ninkin yadin kuma ba zai ɓace ba.

Fuskar yaro da jikinsa kuwa ki bar su yadda Allah ya yi su. Ban da ƙarin haske, ban da rage ƙiba. Tela jikin gaske zai ɗinka wa.

4. Lissafin rigar Umar

Ki buga hoton a takarda, ki auna sandar da rula. A ce ta fito santimita 9. Tunda inci 36 ce, kowace santimita ɗaya a takardar inci 4 ke nan a jiki. Yaron da zai fito a Shaihu Umar ya fito santimita 15, wato tsayinsa inci 60.

Rigar da kika ɗora masa ta sauko daga kafaɗa zuwa tsakiyar ƙwauri, santimita 10 da rabi: inci 42. Faɗinta daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu santimita 13: inci 52. Gaba da baya inci 84, ki ƙara 4 na kalmasa, 88. Yadi biyu da rabi inci 90 ne. To idan yadin mai faɗin inci 60 ne, biyu da rabi ya isa. Idan mai faɗin 36 ne, sai an haɗa biyu gefe da gefe, yadi biyar. Kin ga ke nan tambayar farko a kasuwa ita ce faɗin yadi, kafin kuɗinsa.

Duk da haka ki gwada lissafin a jikin yaro ɗaya da tef kafin ki sayi na kowa. In tef ya ce 60, takarda ta ce 55, sandar ce ba ta tsaya a kan layi ba, ko kuma wayar ta karkace. A sake hoton.

Wani amfanin kuma: Umar yana fitowa yaro, yana fitowa saurayi a hannun Abdulkarim Balarabe, yana fitowa babban malami. In ɗan wasa ɗaya ne zai yi biyun ƙarshe, ki yi ta kunna Layer kina kashewa har ki samu tsarin da ƙari kawai ake yi, ba tuɓewa. Farar doguwar riga da jar dara a ƙasar Larabawa, sai a zura babbar riga a kai, a ɗora rawani, ya zama Shaihu. Rawanin a naɗa shi tun a gida a kan hula, a kama shi da zare, don babu yaron da zai naɗa rawani a bayan labule cikin minti biyu.

5. Jera su gaba ɗaya, ki matsa baya

Ki tara duk 'yan fitowa ɗaya a shafi guda, sandunansu daidai da juna. Ki jingine wayar, ki ja da baya har yaran su zama kamar ɗan yatsa. Haka uban da ke kujerar ƙarshe zai gan su.

Za ki lura aska takwas ɗin da kika sha wahala a kai ta ɓace. Saboda haka kada ki biya kuɗin aiki. A yanka siffar askar da farin ƙyalle, manya-manya, a ɗinka a ƙirji. Za ki kuma ga shuɗi mai duhu ya koma baƙi, musamman in labulen bayan dandali mai duhu ne. Ki mayar da shafin baƙi da fari ki duba: idan Makau, mijin mahaifiyar Umar, da maƙiyansa na fada sun zama abu ɗaya, ki ba shi saƙi mai haske ko farin rawani, su a bar su cikin duhun shuni.

Bayi da talakawa ba sa buƙatar tsiraici don a gane su. Taguwar akoko da aka jiƙa a ruwan shayi mai kauri, aka bar bakinta ba kalmasa, ta gama bayani, wando kuma yana nan a ƙasa. Mahaifiyar Umar zane da mayafi na shuɗi, hijabi mai duhu a ciki.

6. Zuwa wurin tela

Launin da ke allon waya ba shi ne na kasuwa ba, na firinta kuma ya fi shi ƙarya. Ki karɓo ɗan guntun yadin gaske, ki duba shi a ɗakin taron da fitilun da za a kunna ranar, sannan ki maƙala shi a takardar da fil. A kowace takarda ki rubuta sunan rawar da yaron zai taka, da awo cikin inci, da alama a kan kowace tufa: aro, ɗinki, ko saye. In tufa ba ta shiga ko ɗaya cikin ukun ba, ki koma waya ki goge Layer ɗinta. Ki ce wa tela ya fara da riga ɗaya tak, yaron ya sa ya zauna ya tashi ya ɗaga hannu a cikinta, kafin a yanka sauran.