Amsoshin Tambayoyinku: Yi wa Kwamiti Bayanin Gyaran Magudanar Ruwa

Wani injiniya daga Tajaye yana tambaya: yaya zai yi wa kwamitin manoman gandarin Birnin-Konni bayanin tsagewar magudana ba tare da ya ɓoye girman haɗari ko yawan kuɗi ba?

To, Malam, fara da abin da za su yanke: faci ko sabon siminti. Ruwan gandarin daga madatsun Mozage da Zango yake zuwa, kuma rani na iyakance shi. A misali, in ka auna lita 100 a bakin magudana, 70 suka isa ƙarshe, ce musu: "Cikin bokiti goma, uku na tsiyayewa, masu gonakin ƙarshe ne za su rasa."

Haɗari kuwa, raba shi biyu: yiwuwar fashewa, da asarar albasa in ta fashe tsakiyar rani. Kada "mai yiwuwa" ta koma "tabbas".

Kuɗi, ba su mafi ƙaranci da mafi yawa, har da dakon siminti daga Malbaza, yasar laka kowace shekara, da kwanakin rufe ruwa. Faci ya fi araha yau, amma faɗi sau nawa za a maimaita shi.

Daga ƙarshe, sa ma'aji ya maimaita bayanin da bakinsa. Inda ya kauce, nan za ka gyara.