Amsoshin Tambayoyinku: Faifan Waiwaye a Doguwar Lacca

Wata malamar kwaleji daga Zariya ta aiko mana da tambaya, inda ta ce in ta gabatar da laccar sa'a guda da majigi a kan rabon gado, kafin ta iso babin asaba sai ta tarar dalibai sun rikice, ina magani?

To Malama, da yake mai sauraro ba shi da ikon komawa shafin baya kamar mai mudala'ar littafi, wajibi ne ke ki mayar da shi. Idan kin kammala babin masu farilla, kafin ki shiga na gaba, sai ki sanya faifai guda mai layi uku kacal: abin da aka gama, wato kaso shida da Alkur'ani ya kayyade, rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, sannan ka'idar da za a rike, cewa masu farilla ake fara ba wa, sannan tambayar da babi na gaba zai amsa, wato wa zai dauki ragowar? Ki tsaya a kansa kamar rabin minti, ki fade shi da baki, launinsa kuma ya bambanta da na sauran, domin wanda hankalinsa ya tafi ya gane cewa an zo mararraba.

Amma fa kada ki shigar da sabon hukunci a cikinsa, alhali aikinsa tunatarwa ne. Idan kuwa kika jefa tambaya a kan abin da aka gama, daki ya yi tsit, to alama ce babin bai zauna ba, gara ki kara misali guda kafin ki wuce.