Kundin Marubuci Mai Farawa: Darasi Daga Birniwa

Sabon marubucin da ke Birniwa, wanda ba a taɓa ba shi aikin rubutu ba, da me zai nuna wa edita gwanintarsa? Amsa ita ce ya ba kansa aikin. Alal misali, ya rubuta rahoto a kan cinikin riɗi, da hira da masunci a fadamar Haɗejiya, da tallar rediyo ta minti 1. Sai dai wajibi ne ya rubuta a saman kowanne cewa samfuri ne, babu wanda ya sa shi. In ya ɓoye haka, ranar da edita ya gano, amana ta zube. Uku masu kyau sun fi goma na gaggawa, domin da mafi rauninsu ake auna marubuci.