Zaren Bai Canja Ba, Shaddar Ce Ta Canja Masa Fuska

Wata Hajiya daga Aboabo ta aiko mini da tambaya bayan ƙaramar Sallah. Ta ce ta sayi shadda shuɗiya mai duhu a kasuwar Kejetia don ɗinka wa maigidanta babbar riga, kuma ita da kanta ta zaɓi zaren aiki ruwan toka, ta kai wa tela. Da rigar ta fito, sai ta ga aikin wuya ya yi haske fiye da zaren da ta bayar, har yana ɗaukar rawaya-rawaya kamar farin ƙyalle da ya tsufa. Telan ya rantse bai sauya zare ba. Ita kuma idonta ta gaskata. Tambayarta ita ce, a cikinsu wa ke da gaskiya?

Hajiya, da alama ku biyun duk kuna da gaskiya. Zaren da kika bayar shi ne a wuyan rigar, kuma abin da kika gani haƙiƙa idonki ya gan shi. Ido ba ya auna launi shi kaɗai yadda sikeli ke auna nama. Kullum kwatantawa yake yi da abin da ke gefe. A shago kin ga zaren a kan tafin hannunki ko a cikin 'yan'uwansa zaruruwa, a gida kuma kin gan shi shuɗi ya kewaye shi ta ko'ina. Maƙwabcin ne ya sauya, sai fuskar zaren ta sauya.

Wannan gardama ta girme mu duka. A shekarar 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Paris. Ya tarar ana kuka da wasu zaruruwa, musamman baƙaƙe, ana cewa rininsu ba shi da ƙarfi. Da ya bincika sai ya ga babu abin da ya sami rinin. Baƙin yana rasa kwarjininsa ne idan aka saƙa shi kusa da shuɗi ko shunayya. A 1839 ya wallafa littafi a kan wannan ƙa'ida, cewa launuka biyu da ido ya gani lokaci guda kowanne yana tura ɗan'uwansa nesa da kansa. Ni a nan zan kira ta maƙwabtakar launi.

Dalilin yana cikin ginin ido ne. A bayan ƙwayar ido akwai ƙwayoyin halitta iri uku masu karɓar launi, kuma saƙon da suke turawa ana tace shi ne bibbiyu, kamar kishiyoyi: haske da duhu, ja da kore, shuɗi da rawaya. Idan wani yanki na idon ya cika da launi ɗaya, sai ya danne irin wannan saƙon a yankin da ke maƙwabtaka da shi. Abin da aka danne ya ragu, kishiyarsa kuma ta fito fili. Saboda haka turawar tana zuwa ta hanya uku.

Ta farko ita ce haske da duhu. Zare ɗaya zai yi haske a kan yadi mai duhu, ya yi duhu a kan farin yadi. Ta biyu ita ce karkatar launi. Ruwan toka a kan jan yadi yakan ɗauki kore-kore, a kan kore ya ɗauki ruwan hoda, a kan shuɗi ya karkata zuwa rawaya ko ruwan goro. Ta uku ita ce ƙarfin launi. Jan ɗankwali matsakaici zai yi kyau ya fito tas idan aka haɗa shi da riga ruwan toka, amma a ɗora shi kusa da leshi ja jawur, sai ya zama kamar ya sha wanki. Idan kuma kishiyoyi biyu masu ƙarfi suka haɗu, kamar ja da kore, kowanne yana ƙara wa ɗaya wuta. Duk wanda ya taɓa ganin jan tumatir a kan ɗanyen ganye a kasuwa ya san wannan, ko da bai san sunansa ba.

To mu koma kan rigar Alhaji. Abu biyu ne suka haɗu a wuyanta. Shaddar mai duhu ce, sai ta ɗaga hasken zaren. Shuɗiya ce kuma, sai ta tura shi wajen rawaya. Ruwan toka ya fi kowane launi saurin karɓar wannan turi, domin ba shi da launin kansa mai ƙarfi da zai tsaya a kai. Haka ma ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske da fari mai ɗan duhu. Kuma tunda aikin ƙarami ne a tsakiyar faffaɗar riga, shi ne zai sha turi, shaddar kuwa da ƙyar za a ga ta motsa.

Kafin ki koma wurin telan, ga gwajin da zai raba gardama. Ki samu farar takarda mai ɗan kauri, wadda launi ba ya ratsawa. Ki huda ƙananan ƙofofi biyu kusa da juna, kowace ba ta wuce faɗin farce ba. Ki ɗora takardar a kan aikin wuya yadda ƙofa ɗaya za ta nuna wurin da zaren ya cika sosai, ba tare da shuɗin ya leƙo ba. A ƙarƙashin ƙofa ta biyu ki saka ragowar zaren, a nannaɗe a jikin ɗan kwali. Yanzu duka biyun farar takarda ce maƙwabciyarsu. Idan suka zama iri ɗaya, zare bai sauya ba, sai ki nemi gafarar tela. Idan har a ƙarƙashin takardar sun bambanta, to akwai magana: ko an sauya zaren, ko shaddar ta zuba a kansa. Zuba tana da tata alamar, domin zaren zai yi shuɗi-shuɗi ne, ba rawaya ba, kuma idan kika goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan shaddar za ki ga launi ya biyo shi.

Ga teloli da masu aikin surfani na Zongo, daga Alabar zuwa Asawase, rigakafin ba ya cin fiye da minti goma. Kada a zaɓi zare a hannu ko a kan teburi. A yanki ƙyallen yadin da za a ɗinka, kamar faɗin tafin hannu, a yi ɗan aiki a kai da zaruruwa uku. A misalinmu, na farko shi ne ruwan tokan da mai riga ta kawo, na biyu ruwan toka mai ɗan shuɗi a cikinsa, na uku mai ɗan shuɗin kuma wanda ya ɗara duhu kaɗan. A fita da ƙyallen ƙofar shago, a cikin inuwa, a tsaya kamar taku uku daga gare shi, domin daga nan mutane ke kallon riga a filin Idi. Sau da yawa na ukun ne zai fito a matsayin ruwan tokan da ake nema, ko da yake a jikin kwarkwaro ya fi kama da shuɗi. Dabarar ke nan a taƙaice: idan kana son launi ya tsaya a yadda ka san shi, ka ba shi ɗan abin da ke jikin maƙwabcinsa, domin idon mai kallo zai cire wannan ɗin da kansa. A kan jan yadi a nemi ruwan toka mai ɗan ja. A kan farin yadi a sassauta duhun zare, domin farin zai ƙara masa.

Idan launuka biyu suna faɗa da juna har ido na yaji a inda suka haɗu, kamar ja da kore ko shuɗi da ruwan goro masu ƙarfi ɗaya, a raba su da layin baƙi ko fari. Turin ya fi ƙarfi a bakin iyaka, saboda haka da zarar an shiga tsakani sai ya lafa. Wanda ya je Bonwire ya dubi kente da kyau zai ga yadda baƙi ke zama tsakanin rawaya, ja da kore, yana tsare kowanne a gidansa, yana kuma ƙara musu haske.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Idan layukan launi suka yi siriri ƙwarai suka matsu da juna, ido ba ya ƙara raba su, sai ya gauraya su. Dubi rigar fugu ta arewacin Gana mai siraran layukan fari da baƙi ko shuɗi: daga nesa farin ba ya ƙara haske, rigar gaba ɗaya takan koma kamar ruwan toka. A nan ne karin maganar nan ta zama da maɗaukin kanwa ke aiki, launi yana ɗaukar halin maƙwabcinsa. Don haka siririn ɗinki mai tazara, wanda yadi ke leƙowa ta tsakaninsa, zai karkata zuwa launin yadin, amma cikakken aiki mai faɗi zai guje masa. Shi ya sa gwajin ƙyalle dole ya kasance da irin ɗinkin da za a yi a rigar, da kaurinsa da cikarsa.

Abu biyu kuma suna kama da wannan matsala amma ba ita ba ce. Na farko fitila. Mayafi da atamfa na iya dacewa a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki na cikin rumfa, su saɓa da zarar an fito rana. Wannan aikin haske ne, maganinsa kuwa a roƙi mai shago a fito da kayan waje kafin a biya. Na biyu gajiyar ido. Wadda ta daɗe tana duba jajayen atamfofi ɗaya bayan ɗaya za ta ga na ƙarshe sun dusashe, ko da sun fi na farko kyau, kuma Chevreul ma ya lura da haka ga masu sayen yadi. Idan kin ji haka, ki kawar da kai ki dubi farin bango ko wani abu ruwan toka na ɗan lokaci, sannan ki dawo.

Masu fitar da ankon biki su ma su kula. Kada a sayi ɗankwali yau, a sayi leshi gobe, ana dogara da abin da aka tuna. A yanki ɗan ƙyalle a riƙe a jaka, a ɗora sabon a kan tsohon yadda za a sa su a jiki, babba a ƙasa, ƙarami a sama, a kuma kai su kusa da fuska, domin fatar mutum ma maƙwabciyar launi ce.

Hajiya, ki yi gwajin takardar nan tun kafin maganar ta yi nisa tsakaninki da telanki. Nan gaba kuma, duk zaren da za ki zaɓa, ki zaɓe shi a kan yadin da zai zauna a kai.