DABARAR SAU BIYAR A CIKIN RABIN MINTI

Wannan darasi na malaman aji ne, amma ɗalibin da ya iya karatu yana iya bi da mu. Kun san yadda ƙarshen aji yake. An kusa kiran magariba, wani ya riga ya naɗe tabarmarsa, wata hankalinta ya koma kan tukunyar da ta bari a murhu. A wannan lokaci ba wanda zai saurari dogon bayani. Amma in malami ya shirya, yana iya ba su dabara guda ɗaya su tafi da ita gida, cikin sakan 30, watau rabin minti.

Abin da ba a shirya ba ba ya shiga rabin minti. Mun sha ganin malami ya ce, "Bari in gaya muku wani ɗan abu," sai ya fara da gaisuwa, ya kawo labarin malaminsa na da, ya ba da misali uku. Kafin ya iso kan dabarar rabin aji sun fita. Saboda haka muka ce a rubuta maganar tun daga gida, kalma bayan kalma, a gwada ta da agogo. Mutumin da ke magana a natse, yadda dattijo zai ji, kalma kamar 60 yake faɗi a rabin minti. In rubutunku ya wuce haka, kada ku ƙara sauri. Ku rage kalmomi.

Ga wanda muka shirya a kan sau biyar. Malami ya riƙe alli, ya rubuta 18 a allo tun kafin ya buɗe baki, sa'an nan ya ce:

"Jama'a, ku saurara. Ga dabarar sau biyar. Kwano biyar, kowane da ƙwai goma sha takwas. Ƙwai nawa ke nan? Ku raba sha takwas biyu: tara. Ku sa sifiri a dama: casa'in. Ƙwai casa'in ke nan. Dalili, biyar rabin goma ce. Ku riƙe: raba biyu, sa sifiri. To, kwano biyar, kowane da ƙwai sha huɗu. Nawa ne?"

Shi ke nan. Ku ƙidaya, kalmomin ba su kai 60 ba. Sa'ad da ya ce "tara" ya rubuta 9 a ƙarƙashin 18. Sa'ad da ya ce "sifiri" ya rubuta 0 kusa da ita, ta zama 90. Hannu da baki su tafi tare. In ya gama tambaya ta ƙarshe ya yi shiru, kada ya ba da amsa da kansa.

Yanzu bari mu duba abin da ya sa muka zaɓi waɗannan kalmomi.

Mun ce "a dama", ba mu ce "a baya" ko "a gaba" ba. Da fari "a bayan tara" muka rubuta. Da aka gwada a aji, sai waɗansu suka rubuta 90, waɗansu 09, kowa kuwa yana da gaskiyarsa, don ba a san inda lamba ta fuskanta ba balle a san bayanta. Hannun dama kuwa kowa ya san shi, da shi yake cin tuwo.

Mun zaɓi 18 da gangan. Da mun ce 4 sau 5, kowa ya san 20 ne tun kafin mu gama, ba wanda zai ga amfanin dabarar. Da mun ce 20 ko 40, sifirin da ke jikinsu zai rikita sifirin da muke so a ƙara. Sha takwas ta yi nauyin da mutum zai ɗan daɗe in zai tara ta sau biyar a ka, rabinta kuma lamba ɗaya ce tak.

Dalilin ma kalma huɗu muka ba shi: biyar rabin goma ce. Kada a cire shi don neman sauri. Babban mutum ba ya son a ba shi abu kamar tsafi, yana so ya san inda aka samo shi. Amma shi malami ya kamata ya san dalilin sosai, don gobe za a tambaye shi. Ga yadda yake. Ku ɗauki kwanonin nan biyar, ku kawo waɗansu biyar da ba kome a ciki. Ku raba ƙwan kowane kwano biyu, rabi ya zauna, rabi ya koma sabon kwano. Yanzu kwano 10 ne, kowane da ƙwai 9. Ba ƙwan da ya fashe, ba wanda ya ƙaru. Tara sau goma kuwa 90 ne, sau goma kuma ai sa sifiri ne kawai. Wanda ya yi musu, a ba shi tsakuwa 90 ya kasa a ƙasa ya gani da idonsa.

Tambayar ƙarshe ita ce ma'aunin malami. Amsar 14 sau 5 ita ce 70. In an ba ku wata amsa dabam, kada ku ce "ba daidai ba" ku wuce. Amsar kanta za ta nuna muku inda aka yi tuntuɓe. Wanda ya ce 7, ya raba amma ya manta da sifiri. Wanda ya ce 140, ya sa sifiri bai raba ba. Wanda ya ce 19, bai ji "sau" ba, ya tara 14 da 5 ne. Akwai kuma mai cewa 280. Wannan "sau biyu" ya ji a maimakon "raba biyu", sai ya ninka 14 ta zama 28, ya sa sifiri. In mutum biyu ko uku suka ce 280, laifin ba nasu ba ne, bakin malami ne ya yi sauri a kan kalmar "raba". Gobe ya ja ta, ya kuma nuna da hannu kamar mai yanka kabewa.

To, ga inda dabarar ke da tarko, kuma a nan ne kuɗin mutane ke shiga.

Wata ɗalibarmu mai sayar da gyaɗa ta koyi dabarar ran Laraba. Ran kasuwa aka zo sayen kwano biyar, kowane a kan naira 600. Ta raba 600 biyu ta sami 300. Da ta zo sa sifiri sai ta ga ai ga sifiri har biyu a jiki, ta ɗauka an riga an sa. Ta buɗe baki za ta ce 300, sai ta ji abin bai zauna mata ba, don ta daɗe tana ciniki kafin ta shiga aji. Ta koma ta tara da yatsu yadda ta saba, ta sami 3,000. Allah ya kiyaye ba ta yi hasara ba. Amma ta dawo aji tana cewa lissafin boko ƙarya ne, gara yatsunta. Muka yi kwana da kwanaki kafin ta sāke yarda da alli. Ba ita ta yi kuskure ba, mu ne muka sallame ta da rabin magana.

Saboda haka dabarar tana da 'yar'uwa, wadda za a faɗa a aji na biye, ita ma cikin rabin minti:

"Jama'a, sauran dabarar sau biyar. Kwano biyar, kowane naira ɗari shida. Raba biyu: ɗari uku. Ko da akwai sifiri a jiki, sai kun ƙara naku. Ga shi: dubu uku. Ku auna da hankali: in kwano ɗaya ɗari shida ne, biyar za su zama ɗari uku? A'a. To, kowane naira ɗari takwas, nawa ne biyar?"

Amsa 4,000. Ku lura da "ku auna da hankali". Amsar sau biyar ba ta taɓa kasa lambar da aka fara da ita. Wanda ya riƙe wannan, ko ya manta da sifiri zai kama kansa.

Saura lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 17. Lalle wani mai kaifin kai zai ɗaga hannu tun ranar fari ya ce, "Malam, in sha bakwai ne fa?" Ku yaba masa, ku ce gobe. Kada ku amsa a tsaye mutane na sa takalma, don in kun cusa abu biyu a rabin minti ba ɗayan da zai zauna. In goben ta yi, ga amsa. A cire ƙwai ɗaya daga kowane kwano a ajiye gefe, saura 16. Rabinta 8, da sifiri 80. Ƙwan da aka ajiye guda 5 ne, ɗaya daga kowane kwano. A mayar da su, 85 ke nan. Wanda ya ce 80 ya bar ƙwai biyar a gefe ya tafi. Daga nan kuma sai aji su gane da kansu cewa amsar sau biyar kullum da 0 ko 5 take ƙarewa. In ta ƙare da 3 ko 8, a sāke lissafi.

Watakila wani dattijo a ajinku ya ce shi a zamaninsu ba a yin haka da kuɗi. Gaskiya ya faɗa. Kafin naira ta zo a 1973, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya, sa sifiri bai mai da kwabo sule. Yanzu da kuɗi ke tafiya goma goma, dabarar ta hau kansu daidai. Malaman da ke kusa da iyaka kuma suna da misali a hannu. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙidayar kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In an ce maka dala 30, raba biyu 15, sa sifiri, sefa 150 ke nan a rubuce.

Aikinku kafin aji na gaba: ku kwafe maganar farko a takarda, ku ba wani ya riƙe agogo, ku karanta da ƙarfi kuna rubutu a allo ko a ƙasa. In kun gama a sakan 20, kun yi sauri, dattawan baya ba za su ji ba. In kun wuce 30, ku duba, akwai abin da kuka ƙara wanda ba ya cikin takardar. Sa'an nan ku rubuta ta 17 da kanku, kada ta wuce kalma 60, ku ƙare ta da tambayar 13 sau 5.