In An Tambayi Yadda Magani Ke Aiki

Ɗalibin lafiya da ke koyon aiki a asibitin Rano, ka lura da wannan. In malami ya tambaye ka yadda atirofin ke ceton manomin Kibiya da maganin feshi ya buge, kada ka ce yana busar da yawu. Wannan ai sakamako ne, ko mai jinya yana ganinsa.

Gubar tana toshe sinadarin kolinestaras, mai rusa asetilkolin. Sai asetilkolin ya taru, yawu ya dalalo, ƙwayar ido ta tsuke. Shi kuwa atirofin, makarɓar muskarin yake tarewa. Amsar ke nan da ake nema.

Kuma ita ce za ta nuna maka iyakarsa. Ba ya taɓa makarɓar nikotin, shi ya sa ƙirji kan washe amma tsokar numfashi ta ci gaba da rauni. Kada ka bar bakin gadon.