Sakan Biyu na Ɗaga Bokiti

'Ya'yana masu sha'awar aikin katun, tambayar da kuka fi yi wa manya ita ce wace manhaja za ku sauke. Ku ɗan jinkirta wannan tukuna. Ku fara sanin cewa fim yana nuna wa ido hotuna 24 a kowane sakan, kuma hanyoyi ukun nan, wato zanen hannu, da motsa 'yar tsana ana ɗaukarta hoto ɗaya bayan ɗaya, da aikin kwamfuta, sun rabu ne a kan wanda zai yanke abin da ke faruwa tsakanin wannan hoto da na gaba.

Mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi ta hanyoyin uku. Wani mutum zai sunkuya ya ɗaga bokiti cike da ruwa, cikin sakan biyu, wato hotuna 48. Nauyin bokitin ba ya cikin zanen bokitin, yana cikin rabon lokaci. A ce hotuna 12 na farko ya sunkuya. Daga na 13 zuwa na 30 yana ta nishi, bayansa na miƙewa, bokitin kuwa da ƙyar ya bar ƙasa. Daga na 31 zuwa na 42 ya taso da sauri, sauran shidan kuma jikinsa ya ɗan karkata gefe ya daidaita. In kuka raba motsin daidai wa daida tun daga farko har ƙarshe, mai kallo zai rantse bokitin fanko ne.

Mai zanen hannu ba lallai ya yi zane 48 ba. Yawanci kowane zane ana nuna shi sau biyu, don haka 24 sun isa, sai inda motsi ya yi sauri sosai a koma ɗaya-ɗaya. Zai fara da manyan zanuka: tsayuwa, sunkuyawa, tsananin ja, miƙewa. Sannan shi ko mataimakinsa ya cike tsakani, yana matse zanukan kusa da juna inda ake son jinkiri, yana tazara inda ake son sauri. 'Yancinsa ba shi da na biyu. Yana iya tsawaita hannun mutumin fiye da ƙima a zane biyu kacal don a ji jan bokitin, ido ba zai kama ƙaryar ba, amma zai ji nauyin. Duk wanda ya taso yana kallon Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, ya ga kyanwa ta baje kamar faifai ta kuma dawo daidai cikin ƙiftawar ido. Wannan gonar alƙalami ce.

Inda zanen hannu yake cin mutum kuwa shi ne girma. Kan da kuka zana a takarda ta farko yakan kumbura ko ya tsuke a hankali, sai an kai ta ashirin a ga kamar an canza mutum. Maganinsa shi ne a riƙa jujjuya takardun da yatsu ana kallo, a kuma ɗora ta ƙarshe a kan ta farko bisa gilashi mai fitila a ƙasa. Ga kuma yawan aiki: minti ɗaya zane 720 ne, ko da ana nuna kowanne sau biyu.

Mai 'yar tsana shi ba shi da manyan zanuka da zai dawo ya cike tsakaninsu. Ya taɓa, ya janye hannu, ya ɗauki hoto, ya sake taɓawa, daga na farko har na ƙarshe a jere. In a hoto na 30 ya gane cewa sunkuyawar ta yi sanyi, sau da yawa sai dai a faro daga tushe. Shi ya sa gwanayen wannan fanni sukan tashi su kwaikwayi motsin da jikinsu, su ƙirga lokacinsa, kafin su taɓa komai. A cikin 'yar tsanar akwai ƙashi na wayar alminiyom da aka murɗa, ko gaɓoɓin ƙarfe, kuma ana ɗaure tafin ƙafarta da ƙusa ta ƙarƙashin teburi, in ba haka ba tana sunkuyawa za ta kife.

Kurakuran wannan hanya a fili suke fitowa. In hasken fim ɗin na ƙyaftawa, to an bar taga a buɗe rana na tafiya, ko an bar kyamara tana zaɓar haske da kanta. In bango na rawa, gwiwar hannu ce ta goga teburi. Amma ladan wahalar babba ne, domin haske na gaske ne ke sauka a kan yadi na gaske da yumɓu na gaske. A The Wrong Trousers na Nick Park, wanda ya fito a 1993, in kun lura za ku ga sawun yatsu a jikin Wallace da karensa Gromit. Gromit ko baki ba shi da shi, da ɗaga gira kawai yake faɗin duk abin da ke ransa. Ni dai a ganina babu hanyar da ta kai wannan sa mai kallo jin kamar ya miƙa hannu ya taɓa.

A kwamfuta ana gina mutumin sau ɗaya, a sa masa ƙasusuwa da maɓallan juya su, girmansa ba zai ƙara canzawa ba sai an so. Ku ajiye tsayuwarsa a hoto na 1, da na 12, da na 30, da na 42, na'ura ta cike sauran nan take. A nan tarkon yake, 'ya'yana. Na'ura ba ta san bokiti na da nauyi ba, za ta sulale daga wannan tsayuwa zuwa waccan lami lafiya, mutumin ya riƙa yawo kamar yana cikin ruwa, ƙafarsa na zamewa, yatsunsa na ratsa mariƙin bokitin. Masu aiki da Blender sukan fara sa maɓallan a kan Constant, don su ga tsayuwar kaɗai ba tare da cikon na'ura ba. Sai rabon lokacin ya gamsar da su sannan su shiga Graph Editor su lanƙwasa layukan da hannu, su shimfiɗa layin bokitin tsakanin na 13 da na 30, su tayar da shi tsaye bayan nan.

Abin da kwamfuta ta fi kowa a kai shi ne yawo da kyamara, da taron jama'a, da gashi, da gyara bayan an gama. Toy Story na 1995, dogon fim na farko da aka yi gaba ɗayansa da ita, kayan wasa ne jarumansa, kuma hakan ya dace da zamanin, domin komai na fitowa ne sumul kamar roba. Shekara shida bayan nan kamfanin Pixar da ya yi shi ya sa wa Sulley na Monsters, Inc. gashi sama da miliyan biyu, abin da babu mai zanen da zai bi ɗaya-ɗaya.

Kada kuma ku ɗauka akwai katanga a tsakani. The Lion King na 1994 zanen hannu ne, amma garken da ya gangaro kwazazzabo ya rutsa da Mufasa da kwamfuta aka yi shi, aka kuma tsara shi yadda dabbobin ba za su riƙa ratsa juna ba. Su kuma masu Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018, da kwamfuta suka yi aiki, amma a wurare da dama suka riƙa tsayar da motsin jarumin hoto biyu-biyu, irin na masu takarda, da gangan.